Yadda ake duba imel ɗin neman ƙarin wa'adin jinga kafin a tura wa malami

Daren wata Litinin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ƙanwata 'yar aji uku a jami'a ta turo min wani rubutu ta WhatsApp, ta ce, "Yaya, dan Allah duba min wannan, yanzu nake so in tura wa malaminmu." Jinga ce aka ba su mai shafi bakwai, za a karɓa ranar Alhamis, ita kuma kwananta biyar a asibiti tana jinyar mahaifiyarta, wato matar kawuna. Uzurinta na gaskiya ne, babu ko tantama. Amma da ta tura saƙon yadda ta rubuta shi, da wuya ta samu abin da take nema, don ba ta ma faɗi abin da take neman ba. Ga shi nan, ban taɓa komai ba. A gurbin Subject ta sa "Taimako dan Allah", sannan ta ce:

"Salam Malam. Barka da dare, ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari da mu? Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma da ɗaukaka. Malam ka yi haƙuri da damunka da zan yi a wannan lokaci, na san kana da ayyuka da yawa. Wallahi Malam tun satin da ya wuce abubuwa suka cakuɗe min. Ranar Laraba Mamanmu ta tashi da jiri, muka kai ta kemis aka ce jininta ne ya hau, daga baya aka kwantar da ita, kuma ni ce babba mace a gida, yayana yana Abuja, ga shi unguwarmu kwana huɗu babu wuta, ga tes ɗin wani kwas da muka yi ranar Juma'a. Kuma gaskiya lokacin da aka ba mu ya yi kaɗan, kowa a aji yana kuka. Na ji an ce ka ƙara wa wasu. Dan girman Allah Malam ka dube ni da idon rahama ka taimaka min kamar yadda Allah ya taimake ka, in ba haka ba zan faɗi kwas ɗin nan. Ina jiran amsarka da gaggawa. Na gode."

Da wannan saƙo za mu yi aiki. Ita a sashen Hausa take, shi ya sa ta rubuta da Hausa. Yawancin ɗalibai a Nijeriya da Turanci za su rubuta, a Nijar kuma da Faransanci, amma dubawar iri ɗaya ce. Sau uku nake karanta irin wannan saƙo, kowane karatu da abin da nake nema: na farko buƙata, na biyu tsawo, na uku lafazi. Kuma a haka nake jera su da gangan. Idan ka fara da gyaran lafazi, za ka ɓata minti goma kana ƙawata jimlar da za ka goge daga baya.

Kafin karatun farko

Tambayoyi biyu na yi mata tun ban taɓa rubutun ba. Na farko, me malamin ya ce a farkon zango game da makara? Wasu malamai suna faɗa a lakcar farko, ko su rubuta a takardar tsarin kwas, cewa duk kwana ɗaya na makara za a cire maki kaza, ko kuma ba sa sauraron uzuri sai da takardar asibitin makaranta, ko sai ta hannun kodinetan aji. Idan akwai irin wannan ƙa'ida ka rubuta kamar ba ka san da ita ba, ka nuna ba ka zuwa aji ke nan. Na biyu, shin malamin yana buɗe imel kuwa? A jami'o'inmu ba abin dariya ba ne wannan tambayar. Akwai malamin da ya ba da adireshinsa don a riƙa tura masa aiki, akwai wanda ba ya sauraron komai sai ta bakin kyaftin ɗin aji. Nata malamin ta imel ya ce a miƙa jingar, saboda haka hanyar ta yi daidai.

Karatu na farko: me ake roƙo?

Ka ajiye kanka a matsayin malamin. Ya fito daga lakca, yana tafiya zuwa ofis, waya a hannu, ɗalibansa a kwasa-kwasai uku sun fi ɗari biyu. Ya buɗe saƙon. Tambayar da za ka yi ita ce: zai iya amsawa da kalma biyu, "Na amince", magana ta ƙare?

A saƙon ƙanwata ba zai iya ba. Da me zai amince? Ta ce a taimaka mata, a dube ta da idon rahama. Ƙarin kwana take so, ko a yafe mata jingar, ko a ba ta wani aikin daban? Bai sani ba. Bai ma san ko wace ce ba, domin babu suna, babu lambar rajista, babu sunan kwas, adireshin da take turawa da shi kuma wani laƙabi ne na tun sakandare mai lambobi a ƙarshe. Dole sai ya rubuto yana tambaya, "Wace ce? Wane kwas? Zuwa yaushe?" Malamin da aiki ya sha kansa ba zai yi wannan ba. Zai ce bari anjima, anjimar kuma ta zama Alhamis.

Na san inda wannan ya samo asali. An tarbiyyantar da mu da kunyar faɗin buƙata kai tsaye a gaban babba. Ka gaida shi, ka kewaya, ka kawo labari, shi da kansa ya gane ya ce, "To, me kake so a yi?" A zaure wannan yana aiki, don yana ganin fuskarka, zai tambaya nan take. A imel babu mai tambayarka. Idan ba ka faɗa ba, ba a faɗa ba.

Saboda haka nemi jimla ɗaya tak a cikin saƙon wadda ta ƙunshi abu uku: wane aiki, wane ne wa'adinsa na yanzu, wace rana kake so a mayar da shi. Idan babu ita, rubuta ta, ka ɗora ta a sama, daga gaisuwa da gabatar da kai sai ita.

Ranar ita ce wurin da ɗalibai suka fi zamewa. "'Yan kwanaki", "zuwa sati mai zuwa", "har Mama ta ji sauƙi", duk ba rana ba ce. Kuma ba a zaɓar ranar da ka, lissafi ake yi. Na tambaye ta shafi nawa ta rubuta, ta ce huɗu cikin bakwai. Yaushe za ta samu mai karɓar ta a asibiti? Ta ce ƙanwar Mama za ta iso daga Gusau ranar Juma'a. Ke nan tana da Asabar da Lahadi, shafi uku da jerin manazarta, abu ne mai yiwuwa. Sai muka tsayar da Litinin 17 ga Maris, ƙarfe 12 na rana, kwana huɗu bayan wa'adin farko. Da farko ta ce a sa Juma'a, wai don kada a ga ta yi zari. Na ce mata a'a. Idan kika nemi kwana ɗaya kika kasa cikawa, sai kin sake komawa roƙo, roƙo na biyu kuwa ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Haka kuma wanda ya nemi sati biyu a kan shafi uku ya jawo wa kansa tambaya. Ka tuna malamin ma yana da nasa wa'adin: sai ya duba jingar, ya haɗa makin da na tes, ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Idan ana dab da fara jarrabawa, ko yana so ba lallai ya iya ba ka sati ba.

A rubuta sunan ranar da kwanan watan tare. "Gobe" da "jibi" suna canza ma'ana idan sai bayan kwana biyu aka buɗe saƙon. Sannan a ɗauko kalanda a tabbatar 17 ɗin Litinin ce da gaske, don na sha ganin wanda ya rubuta rana daban, kwanan wata daban.

Daga nan sai gurbin Subject. Shi malamin yake fara gani, shi ne kuma zai nema idan ya zo haɗa maki bayan wata guda. "Taimako dan Allah" ya yi kama da saƙon masu damfara. Muka mayar da shi: "HAU 305: neman ƙarin wa'adin jinga zuwa Litinin 17 ga Maris". Ko bai buɗe ba ya san zancen.

Karatu na biyu: me za a cire?

Ma'aunina mai sauƙi ne. Ka tura wa kanka saƙon, ka buɗe a waya. Idan sai ka ja allo sama kafin ka kai ƙarshe, ya yi tsawo. Jimla shida zuwa takwas sun isa kowane irin uzuri.

Bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: idan na goge wannan, malamin zai rasa wani abu da yake buƙata don yanke hukunci? Gaisuwarta layi biyu ce, ta koma layi ɗaya. Ban haƙurin damunsa ya fita gaba ɗaya, domin shi kansa ban haƙurin ne yake cin lokacin da ake ba da haƙuri a kai.

Sai uzurori. Ta kawo huɗu: rashin lafiyar Mama, yayanta ba ya gari, babu wuta, ga tes ɗin wani kwas. A ganinta yawan dalili ƙarfi ne. A idon mai karatu akasin haka ne. Babban dalili ɗaya ya fi ƙarfi idan ya tsaya shi kaɗai. Da zarar ka jingina masa ƙanana, sai ya yi kamar kai ma ba ka yarda ya isa ba, kana ta tattaro duk abin da hannunka ya kai. Balle rashin wuta, wanda duk ajin ya shafa, har da waɗanda za su miƙa nasu a kan lokaci, wataƙila har da malamin. Tes ɗin wani kwas kuwa, abin da yake faɗa wa malamin shi ne ka fifita kwas ɗin wani a kan nasa. Muka bar ɗaya: an kwantar da mahaifiyarta, ita take jinya.

Shi ma ɗayan ba ya buƙatar tarihi. Jiri, kemis, hawan jini, wannan sirrin mara lafiya ne, kuma ba ya ƙara komai. Abin da malamin yake so ya sani shi ne tun yaushe, kuma ta yaya abin ya hana aiki. Jimla ɗaya.

A wannan karatun akwai abu ɗaya da ake ƙarawa maimakon cirewa, wato inda aikin ya tsaya. Malamin da aka nemi ƙarin lokaci a wurinsa, tambayar da take ransa ita ce ko wannan ɗalibin ya ma fara. "Na rubuta shafi huɗu cikin bakwai, ga su nan na haɗa" ta fi rantsuwa goma. Idan ba ka fara ba, kada ka ce ka fara, don ana iya ce maka turo abin da ka yi yanzu. Ka yi shiru a kan wannan, ka nemi ranar da za ka iya cikawa. Shaida kuma, idan akwai katin asibiti ko takardar likita, a haɗa hoto ɗaya mai fitowa sosai, a rufe wurin da aka rubuta cutar in ana so. Idan babu a hannu, a ce za a kawo ofis in ana buƙata.

Karatu na uku: lafazi

Wannan da murya ake yin sa. Karanta a bayyane, kana ɗauka malamin yana zaune a gabanka a ofis. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, ko wadda za ka ji nauyin a karanta a gaban shugaban sashe, ta fita. Imel yana zama, ana kuma iya tura shi gaba.

Fara da laƙabi. Malaminta yana da digiri na uku, kowa a sashen Dakta yake ce masa, ita ta rubuta Malam. A baki ba laifi ba ne, Malam suna ne mai daraja. A rubuce dai ka yi amfani da abin da yake jikin ƙofar ofishinsa: Dakta, Farfesa, Malam ko Malama. Wasu ba ruwansu, wasu kuwa daga nan ransu zai fara ɓaci, kai kuma ba ka san wanne za ka tarar ba. "Salam" a gajarce ta hira da abokai ce, a cika sallamar. Idan malamin ba Musulmi ba ne, "Barka da aiki" ta wadatar.

Hausa tana da wata dabara da take gyara lafazi ba tare da ƙara tsawo ba: kauce wa "ka" da "ki". "Ka taimaka min", "ka ƙara min" suna da ƙamshin umarni ko da an sa "dan Allah" a gaba. "Ina roƙon a ƙara mini" ko "idan Dakta ya amince" sun fi taushi, kuma haka muke yi wa manya magana a gida.

Sai jimloli uku da suka fi komai haɗari a saƙonta, waɗanda ita ba ta ma ga aibinsu ba. "Lokacin da aka ba mu ya yi kaɗan, kowa yana kuka": wannan zargi ne, ta ce masa bai iya tsara kwas ɗinsa ba, a daidai lokacin da take neman alfarmarsa. Idan da gaske ajin ne duka yake kuka, aikin kyaftin ne ya kai maganar, ba a cakuɗa ta da uzurin mutum ɗaya. "Na ji an ce ka ƙara wa wasu": wannan ta mayar da roƙo ya zama neman haƙƙi, ta kuma tona asirin waɗanda aka yi wa alfarma, ta sa malamin ya fara tunanin rufe ƙofar ga kowa. "Ina jiran amsarka da gaggawa": ɗalibi ba ya ba malami wa'adi. Kwanan watan da yake cikin saƙon ya isa ya nuna gaggawar.

Magiyar fa? "Dan girman Allah", "idon rahama", "in ba haka ba zan faɗi kwas ɗin nan". A nan muka ɗan yi gardama da ita, ta ce ai ladabi ne. Ni a ganina ladabi daban, magiya daban. Ladabi yana bar wa mutum damar ya ce a'a ba tare da ya ji ya yi zalunci ba. Magiya tana ɗora masa alhakin faɗuwarka, ta haɗa shi da Allah a kan abin da wataƙila ƙa'idar sashe ce ta ɗaure masa hannu. Mutane ba sa son a matse su haka, ko sun yarda da ɗaci za su yarda. Wallahi ma ta fita. Wanda ya haɗa katin asibiti ba ya buƙatar rantsuwa.

Abin da ya maye gurbinsu jimla ɗaya ce mai buɗe masa ƙofa: idan ranar da aka nema ba ta yiwu ba, duk wadda ya ga ta dace za a bi. Amfaninta a aikace shi ne, malamin da ba zai iya ba da kwana huɗu ba sai ya ba da biyu, maimakon ya ce a'a kawai.

Kada kuma garin gyara a zarce ɗaya gefen, saƙo ya bushe ya koma kamar takardar sammaci. Addu'a ɗaya a ƙarshe tana da kyau, ta mu ce. Ga yadda ya koma:

"Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki.

Sunana wance, 'yar aji uku, ina ɗaukar HAU 305, lambar rajistata kaza. Ina roƙon a ƙara mini wa'adin miƙa jingar da za a karɓa ranar Alhamis 13 ga Maris zuwa ranar Litinin 17 ga Maris, ƙarfe 12 na rana.

An kwantar da mahaifiyata a asibiti tun ranar Laraba 5 ga Maris, kuma ni nake jinyarta har zuwa Juma'a. Na rubuta shafi huɗu cikin bakwai, na haɗa su da wannan saƙo tare da hoton katin asibiti.

Idan Litinin ba za ta yiwu ba, duk ranar da Dakta ya ga ta dace zan bi.

Na gode, Allah ya ƙara girma."

Sai cikakken suna da lambar rajista a ƙasa, yadda suke a takardar rajista, ba sunan da ake kiran ta da shi a gida ba.

Kafin a danna Send

Duba adireshin malamin harafi bayan harafi, ka tabbata abin da ka ce ka haɗa yana haɗe, ka kuma buɗe shi ka ga ba fanko ba ne. Kada ka sa shugaban sashe ko kodineta a Cc a saƙon farko sai in ƙa'ida ce ta ce haka, domin kamar ka kai ƙara ne tun ba a hana ka ba. Idan makaranta ta ba ka adireshin imel, yi amfani da shi. Idan babu, aƙalla gyara sunan da yake fitowa a naka ya zama sunanka na gaskiya.

Lokacin da muka gama sha biyun dare ta gota. Na ce kada ta tura yanzu, ta shiga Schedule send a Gmail, ta sa ƙarfe takwas na safiyar Talata, saƙon ya sauka lokacin aiki. Saura kwana biyu ke nan kafin wa'adi, wanda shi ne ya ba roƙon nata daraja. Saƙo iri ɗaya, idan ya iso ranar Alhamis da yamma, ya tashi daga neman ƙarin lokaci ya koma neman afuwa, kuma dole jimlar farko ta amsa cewa an makara. Da a ce daren Laraba ne ta zo min, da ban ce ta jira safiya ba.

Na kuma gargaɗe ta cewa shiru ba amincewa ba ne. Muddin amsa ba ta zo ba, wa'adin Alhamis yana nan, saboda haka ta ci gaba da rubutu a waya ko a bakin gadon asibiti ne. Idan kwana ɗaya ya wuce babu labari, ta danna Reply a kan saƙon nata, ta rubuta layi biyu na tuni, ko ta roƙi kyaftin ya sanar da Dakta akwai saƙo a imel ɗinsa. In Alhamis ta yi har yanzu shiru, ta miƙa abin da take da shi, rabin maki ya fi babu.

Ba a kai ga haka ba. Talata da azahar ya amsa da layi ɗaya, ya ce ta kawo ranar Lahadi da dare, don Litinin da safe zai fara dubawa, Allah ya ba Mama lafiya. Ta mayar da godiya a jimla ɗaya, ta maimaita ranar don kada a samu saɓani: "Na gode Dakta, zan turo ranar Lahadi 16 ga Maris kafin ƙarfe 10 na dare, in sha Allahu." Ranar Lahadin, wajen ƙarfe tara, ta tura jingar a ƙarƙashin wannan amsar tasa, yadda idan ya buɗe zai ga izinin da ya bayar a sama da aikin.